Abin da Zafi Ke Yi wa Ƙarfe: Dalilin Barin Tazara a Layin Dogo da Gadoji

Kusan duk wani abu daskararre, ƙarfe ne ko gilashi ko kankare ko dutse, yana ƙara girma idan ya ɗauki zafi, ya kuma tsuke idan ya huce. Ƙarin ba shi da yawa, ido ba ya ganinsa a jikin cokali ko ƙusa, amma yana nan, kuma ba a iya hana shi sai da ƙarfi mai yawan gaske. Kwanon rufi da ke ƙas-ƙas da hantsi idan rana ta buge shi, ya sake yin ƙarar da magariba, miƙewa yake yi yana gogar ƙusoshin da suka riƙe shi, sannan ya koma. Wayoyin lantarki da ke lanƙwasowa tsakanin turaku a watan Afrilu, su ɗaure tamau da asubar hunturu, abin da ke faruwa da su ke nan.

Asalin lamarin yana cikin ƙwayoyin zarra da suka haɗu suka yi abin. A cikin daskararren abu kowace ƙwaya tana da mazauninta, amma ba tsaye take cak ba, kullum cikin karkarwa take. Zafi yana ƙara wa karkarwar ƙarfi. Da a ce ƙwayar tana matsowa kusa da maƙwabciyarta da sauƙi daidai da yadda take nisantarta, to da abin bai ƙara girma ba kome zafin da ya sha. Sai dai ba haka abin yake ba: ƙwayoyi biyu suna ture juna da ƙarfi idan aka matse su, amma jan da suke yi wa juna idan suka ɗan rabu bai kai wannan ƙarfi ba. Saboda haka duk lokacin da karkarwa ta ƙaru, matsakaicin nisan da ke tsakaninsu sai ya ɗan ƙaru. Su ƙwayoyin ba su kumbura ba, yawansu bai ƙaru ba, nauyin abin ma yana nan yadda yake. Ratar da ke tsakaninsu ce kawai ta buɗe, kuma ta buɗe ta kowace fuska, tsawo da faɗi da kauri. Shi ya sa ramin da ke jikin ƙarfe yake ƙara faɗi idan an gasa ƙarfen, ba tsukewa yake yi ba kamar yadda mutane da yawa ke zato. Makanike da ke gasa noti da wuta idan ya ƙi kwancewa ya san wannan a aikace.

Kowane abu da nasa gwargwadon miƙewa. Sandar ƙarfe irin na dogo mai tsawon mita 1 tana ƙara kimanin milimita 0.012 idan zafinta ya hau da digiri 1 a ma'aunin Salshiyos. Jan ƙarfe yana ƙara kimanin 0.017, alminiyam kuwa 0.023, wato kusan ninki biyu na ƙarfen dogo. Kankare yana tsakanin 0.010 da 0.012, gwargwadon irin dutsen da aka kwaɓa shi da shi. Wannan kusanci na kankare da ƙarfe ba ƙaramar sa'a ba ce ga magina, domin shi ya sa ake iya binne rodi a cikin kankare su yi shekaru suna miƙewa tare, suna tsukewa tare, ba tare da ɗaya ya fasa ɗaya ba. Lissafin kansa gajere ne:

ΔL = α × L × ΔT

A nan L tsawon abin ne, ΔT yawan digirin da zafinsa ya hau ko ya sauka, α gwargwadon miƙewar irin wannan abu, ΔL kuwa ƙarin tsawon da za a samu. Abin lura shi ne ƙarin yana tafiya ne da tsawo. Abin da ba ya ganuwa a mita 1 yakan zama babban al'amari a mita 1,000: ƙarfen dogo mai tsawon kilomita 1, idan ba abin da ya riƙe shi, zai ƙara milimita 12 a kowane digiri, idan kuwa zafinsa ya hau da digiri 40 zai ƙara santimita 48, kusan rabin mita.

Zafin da ake sakawa a lissafin ba wanda gidan rediyo ke faɗa ba ne. Wancan na iska ne, kuma a inuwa ake auna shi. Ƙarfe mai duhun launi da ya wuni a rana yana iya ɗara iska da kusan digiri 20. A wuri irin Kano ko Nguru, inda zafin iska ke kaiwa digiri 40 a bazara, ƙarfen dogo zai iya kusantar digiri 60 da azahar, alhali da asubar hunturu yana iya saukowa kusa da digiri 10. Ke nan tsakanin ranar da ta fi zafi da daren da ya fi sanyi, injiniya zai yi tanadi ne don bambancin kusan digiri 50.

Tsohon layin dogon Nijeriya, wanda ya iso Kano a 1911, an shimfiɗa shi ne da gajerun sanduna da aka jona baki da baki. A kowace mahaɗa ana kama sandunan biyu da farantan ƙarfe biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, a ɗaure da kusoshi masu noti. Ramukan kusoshin an yi su sun ɗan fi kusoshin faɗi, don sandar ta sami damar zamewa gaba da baya. Tsakanin bakin wannan sanda da na waccan kuma ana barin 'yar tazara. Ƙarar nan ta kwaram-kwaram da matafiyi ke ji a jirgin ƙasa, ƙafafun jirgi ne ke tsallake waɗannan tazarori ɗaya bayan ɗaya.

A ɗauki sanda mai tsawon mita 12 a matsayin misali. A kowane digiri tana ƙara milimita 0.144, saboda haka daga digiri 10 zuwa 60 za ta ƙara milimita 7.2. Wannan shi ne dukan motsin da mahaɗa za ta ɗauka a shekara. Amma ba milimita 7.2 ake bari ba a kowane lokaci, domin tazarar da ta dace ta dogara ne ga zafin sandar a sa'ar da ake ɗaure ta. Idan an ɗaure ta tana digiri 30, saura digiri 30 ta kai ƙarshen zafinta, don haka tazarar da take bukata milimita 4.3 ce. Da azahar ta bazara bakunan biyu za su haɗu daidai, da asubar hunturu kuma tazarar za ta buɗe zuwa 7.2. Shi ya sa ma'aikatan dogo suke manna ma'aunin zafi a jikin sandar kanta, ta gefen inuwa, su duba jadawali, sannan su saka ɗan siririn ƙarfe mai kaurin da ake so a tsakanin sandunan kafin su ɗaure.

Kuskure yana iya zuwa ta fuska biyu. Idan aka ɗaure sandar da rana tsaka tana digiri 50, aka bar mata milimita 6, to a daren sanyi tazarar za ta so ta kai kusan milimita 12. Ƙafar jirgi za ta riƙa dukan bakin sandar da ƙarfi har ya dakushe, kusoshi su sha ja, wani lokaci su lanƙwashe ko su karye. Kuskure na biyu ya fi haɗari. A ce an ɗaure ta da sanyin safiya tana digiri 15, aka bar milimita 3 kacal. Zafin digiri 21 ya isa ya cinye wannan tazara, wato sandar tana kaiwa digiri 36 bakuna sun haɗu, kuma saura digiri 24 a gaba, babu inda za ta miƙe.

A nan ne ainihin matsalar take. Ƙarfen da aka hana shi miƙewa ba haƙura yake yi ba, turi yake yi. Ƙarfin turin daidai yake da ƙarfin da za a bukata a matse shi ya koma tsawonsa na da bayan ya miƙe, kuma matse ƙarfe ba wasa ba ne. A sandar dogo ta zamani, mai nauyin kilo 60 a kowace mita, kowane digiri da aka hana ta yana zama turi na kusan tan 2. Digiri 24 ɗin nan da suka rage za su zama kimanin tan 45 a sanda guda, tan 90 a sandunan layin biyu. Tsofaffin sanduna marasa kauri turinsu bai kai haka ba, amma su ma ƙarfin jurewarsu bai kai ba. Wani abin mamaki kuma, wannan turi bai damu da tsawon sanda ba. Mai mita 12 da mai kilomita 12, idan kaurinsu ɗaya kuma aka hana su motsi, turinsu ɗaya ne.

Doguwar sanda siririya da ake turawa daga bakuna biyu ba ta murƙushewa, gefe take gocewa, kamar yadda karan dawa ke lanƙwashewa idan an danna shi tsakanin tafuka biyu. Haka layin dogo yake yi. Yakan jure har zuwa wani mataki, sannan cikin ƙiftawar ido wani yanki nasa ya zame gefe tare da gumaguman da yake kwance a kai, ya yi lauje ko ya karkace hagu da dama. Sau da yawa hakan yana faruwa ne a daidai lokacin da jirgi ke wucewa, domin nauyin jirgin yana ɗan ɗaga layin a tsakanin ƙafafunsa, girgiza kuma tana sassauta riƙon da tsakuwa ta yi masa. Kan jirgi zai wuce lafiya, taragan baya su sauka daga layi. Haka ta faru a kusa da garin Crescent City na jihar Florida a Amurka ranar 18 ga Afrilu, 2002, inda jirgin fasinja ya kauce a kan layin da zafi ya karkatar bayan wani aikin gyara da bai inganta ba, mutum huɗu suka rasu.

Ko da an bar tazara daidai tun farko, ba a gama ba. Jiragen da ke taka birki a wuri guda kullum, ko suke gangara da kaya masu nauyi, suna tura sanduna gaba kaɗan-kaɗan, har tazarori su tattaru su rufe a wani yanki, su yi faɗi fiye da kima a wani. Tsatsa ma tana kama faranti da sanda su zama kamar abu guda, mahaɗar ta daina motsi ko da tazarar tana nan a buɗe. Maganin wannan shi ne kwance farantan lokaci-lokaci a shafa musu man giris. Mai duba layi yana gane matsala ne da safe: idan ya tarar da mahaɗai da yawa a jere sun rufe ruf tun rana ba ta yi zafi ba, ya san wannan yanki zai sha turi da azahar, sai an ja sandunan baya an raba tazarar daidai.

Duk da amfaninta, mahaɗa ita ce wuri mafi rauni a layin dogo. Nan ne ƙarfe ke tsagewa, nan ne layi ke lotsawa, kuma ita ke hana jirgi gudu sosai. Saboda haka manyan layuka na zamani a ƙasashe da dama sun bar wannan hanya. Ana yi wa sanduna walda su zama guda mai tsawon kilomitoci, babu tazara ko ɗaya. Wannan bai saɓa wa abin da aka faɗa a baya ba. Ƙarfen yana nan yana son miƙewa, hana shi aka yi da gangan, aka kuma shirya ɗaukar turin. Ana ɗaure sandar gam a kan gumaguman kankare masu nauyi da maɗaurai masu ƙarfi, a binne gumaguman cikin tsakuwa mai kaifin baki wadda ke cije juna, a kuma tara ta sosai a gefe da gefe. Tunda turin bai dogara ga tsawo ba, layin da ya iya riƙe shi a mita 100 zai iya riƙe shi a kilomita 100.

Dabarar da ta sa wannan ya yiwu ita ce zaɓen zafin da za a kulle sandar a kansa. A wannan zafi sandar ba ta turi, ba ta ja. Sama da shi tana turi, ƙasa da shi tana ja. Ana zaɓensa ya ɗan haura tsakiyar zafi da sanyin yankin, domin karkacewar layi ta fi tsinkewarsa haɗari: sandar da ta tsinke a sanyi takan bar 'yar tazara ce, kuma a layukan da sigina ke aiki da lantarkin da ke bi ta cikin sandar, tsinkewar tana bayyana nan take, amma layin da ya karkace ba ya sanar da kowa. A Birtaniya digiri 27 aka zaɓa. Ƙasa mai zafi dole ta zaɓi sama da haka.

Ba kullum ake samun ranar aiki ta dace da wannan zafi ba, saboda haka sai a ja sandar da na'ura. A ce ana so a kulle yanki mai tsawon mita 500 a kan digiri 38, amma da safiyar aikin sandar tana digiri 20. Bambancin digiri 18 ne, lissafi kuma ya ba da milimita 108. Sai a kwance maɗauran yankin, a ɗora sandar a kan 'yan gangunan ƙarfe don ta zame da sauƙi, a yanke bakinta yadda za a sami wannan rata haɗe da ta walda, a ja ta da jak mai aiki da mai har ta miƙe da milimita 108, sannan a yi walda a mayar da maɗaurai. Daga nan sandar za ta zauna a ɗaure tamau, kuma ba za ta fara turi ba sai zafinta ya wuce digiri 38. A ƙarshen dogon yanki irin wannan, da kuma bakin wasu dogayen gadoji, ana saka mahaɗa ta musamman, inda aka fiƙe bakunan sanduna biyu a karkace suna zamewa gefen juna, ƙafar jirgi ba ta faɗa rami ba.

Abin da ya fi lalata wannan tsari shi ne gyaran gaggawa. Sanda ta tsinke a daren sanyi, bakunan suka ja baya suka bar rata, ma'aikata suka cike ratar da sabon guntun ƙarfe ba tare da sun sake jan sandar ba. Yanzu ƙarfen da ke wannan yanki ya fi wanda aka tsara yawa, kuma zai fara turi tun zafi bai kai ko'ina ba. Haka kuma duk aikin da ya motsa tsakuwa yana rage riƙonta har sai jirage sun bi ta kai ta sake zama, shi ya sa ake rage gudu bayan gyara, ake kuma guje wa irin wannan aiki a tsananin zafi. Idan zafi ya wuce abin da aka tsara, rage gudu shi ne mataki na farko. A watan Yulin 2022, lokacin da zafin iska ya haura digiri 40 a Birtaniya karo na farko tun da aka fara aunawa, an rage gudun jirage a faɗin ƙasar, aka rufe wasu layuka ɗungurungum. A can har farin fenti ake shafa wa sanduna a wuraren da ake jin tsoro, don ya rage musu zafi da 'yan digirori.

Gada ba ta samun wannan gata na kullewa sai idan gajera ce. Kaurin jikinta ya ninka na sandar dogo sau ɗaruruwa, don haka turin da za ta yi idan an hana ta motsi ya isa ya tsaga ginshiƙi ko ya ture bangon da ke riƙe da bakinta. Hanyar da ta rage ita ce a bar ta ta motsa. Gadar kankare mai tsawon mita 300, wadda zafin jikinta ke hawa da sauka da digiri 30 a shekara, za ta yi motsin kimanin santimita 9. Idan an kafe ta a baki ɗaya, dukan santimita 9 za su fito a ɗaya bakin. Idan a tsakiya aka kafe ta, kowane baki zai ɗauki rabi.

Abubuwa biyu ne ke ba ta wannan dama. Na farko yana ƙarƙashi, inda mai wucewa ba ya gani: gadar ba a manne take da ginshiƙanta ba, zaune take a kan matasai, wasu na roba mai faifan ƙarfe a ciki da ke iya karkatawa, wasu na gangunan ƙarfe masu mirginawa, wasu kuma masu santsi da ke zamewa. Na biyu shi ne tazarar da ke saman titi, wadda direba ke jin taya ta buga idan ya hau gada ko zai sauka. Inda motsin kaɗan ne, ana toshe ta da roba tsakanin ƙarafa biyu. Inda yake da yawa, ana saka farantan ƙarfe masu haƙora da ke shiga cikin juna, don taya ta sami abin takawa ko tazarar ta buɗe. Doguwar gada tana da irin waɗannan da yawa. Gadar Third Mainland ta Legas, mai tsawon kilomita 11.8, za ta ƙara fiye da mita 1 a jimlace idan zafin jikinta ya hau da digiri 10 kawai, kuma mahaɗanta ne ke raba wannan motsi a tsakaninsu. Sauya irin waɗannan mahaɗai da matasan ƙarƙashi na cikin dalilan da suka sa aka rufe sassanta daga watan Yulin 2020 zuwa Fabrairun 2021.

Babban abokin gabar mahaɗar gada ba nauyin mota ba ne, datti ne. Yashi da tsakuwa da ƙurar hunturu suna cika tazarar a lokacin sanyi da take buɗe, idan zafi ya zo gadar ta tarar babu wurin miƙewa, sai ta matse abin da ke ciki. Alamunsa a bayyane suke: kankaren bakin mahaɗa yana ɓarewa, ƙarfen yana tasowa sama da titi, bangon bakin gada yana tsagewa. Wani lokaci masu gyaran hanya ne da kansu ke malala kwalta a kan mahaɗar don titi ya yi sumul, ba a jima ba tsaga ta fito a miƙe daga gefe zuwa gefe, daidai inda tazarar take. Idan kuma robar ta yage, ruwan damina yana zuba kai tsaye a kan matasan ƙarƙashi, su yi tsatsa su kafe, gadar ta koma jan ginshiƙanta da kanta. Injiniyan da ke duba gada yakan auna faɗin tazarar da sanyin safiya, ya sake aunawa a ranar zafi, ya kwatanta bambancin da abin da lissafi ya ba shi. Tazarar da faɗinta bai sauya ba tsakanin hunturu da bazara ta daina aiki, kuma share ta da sauya robarta ya fi gyaran ginshiƙi araha nesa ba kusa ba.